Jan Layin Ranar Juma'a

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mama ta ji sauƙin ƙafa, har ta koma faɗa da kowa, ka ga lafiya ta samu.

Yaya, ƙarshen watan nan zan bar kamfanin kayan gini, bayan shekara goma sha ɗaya ina riƙe musu littafi. Ka tuna rahoton da na tsara a kwamfuta, wanda ka ce zai mayar da ni malalaciya? Duk Juma'a shi da kansa yake gwada takardar banki da abin da muka shigar a littafi, ya ja jan layi inda ya ga ba daidai ba. Saura kwana tara masu binciken kuɗi su zo, ya nuna an biya dillalin siminti sau biyu kan kaya ɗaya. Kwamfutar ofis ba ta karɓar lambar takarda sau biyu, amma an shigar da ita 0417 da farko, daga baya 417, sai ta ɗauka takardu biyu ne. Nawa rahoton yana zubar da sifilin gaba, ya duba sunan dillali da adadin kuɗi. Na buɗe fayil, na tarar ta biyun hoton ta farko ce, kuma da sunan manaja aka shigar da ita ranar da na kai Mama asibiti.

Manajan nan ƙanin matar maigidanmu mai kamfanin ne. Don kada in kunyata shi, sai na kai masa a ofishinsa, na rufe ƙofa. Wautata ke nan. Ya yi ta sa mini albarka, ya ce in rubuta wa dillali ya dawo da kuɗin. Suka dawo, na shigar da gyara, na liƙa shaidar banki. Masu bincike suka zo suka tafi, ba su sami abin cewa ba.

Ashe manaja ya riga ya gaya wa maigida shi ya gano kuskuren, wai ni na yi sakaci, kuma tunda kwamfuta ke yin aikin, albashina asara ne. Na nemi in nuna wa maigida sunan da ke kan shigarwar, ya ce ba ya son tone-tone, ya sallame ni daga ƙarshen wata. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba.

Jiya aka sa na koya wa mai karɓar kuɗi yadda rahoton yake aiki. Manaja ya roƙi gyara ɗaya tak: daga yanzu shi kaɗai rahoton zai riƙa zuwar wa. Da hannuna na gyara.

Idan ka ji ana neman mai riƙe littafi a wajenku, ka tuna da ni. Ka gaishe da matarka, da takwarata, da Kawu. Kada ka gaya wa Mama, har yanzu tana yi wa manaja addu'a don ya ba ni izini ranar asibiti.

Ƙanwarka,
Auta