Ranar Kawu a Jerin Laccoci

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Goggo. Kwamitin ɗakin karatun unguwarmu ya tsayar da ranakun laccocin da na yi maka magana. Ga sanarwar kafin in kai wa mai buga takardu, don ba ma sa sunan malami sai ya gani ya amince:

"Ana gayyatar jama'a laccoci kan zaman gida lafiya, kowace Asabar, ƙarfe huɗu da rabi zuwa shida, a babban zaure. Makon farko, gobarar gida, daga tsohon shugaban 'yan kwana-kwana. Na biyu, ajiyar magani, daga likitar yara. Na uku, haɗarin wayar lantarki, daga injiniya. Mata suna da kujerunsu a ɓangaren dama. Ana zuwa da yara, ban da makon farko. Shiga kyauta."

Makon farko naka ne. In ka yarda, za a manna ta a ƙofar makarantu da kantuna, a kuma karanta a rediyo.

Ɗanka mai biyayya,
Sakataren kwamiti

*

Malam Sakatare,

Muna lafiya. Goggonka ta ce tun da ka samu muƙami ka koma gaisuwa da biro.

Na ga takarda, ban amince ba. Ƙarfe huɗu da rabi matar gida tana gaban murhu. Ka ware mata kujera a lokacin da ba za ta zo ba, ai ka ba ta nama ne ka riƙe wuƙa. Zauren nan kuma na san shi, ƙofarsa ɗaya, ciki take buɗewa. Ba zan tara mutane a nan in yi musu zancen wuta ba.

Sai maganar yara. Likita da injiniya an bar musu, ni an hana ni. Cizo nake yi? Duk shekarun aikina, yawancin waɗanda na ciro daga ƙarƙashin gado yara ne, saboda yaro in ya ga hayaƙi ɓuya yake yi. Wa ya sa wannan layin?

Kawunka

*

Kawu,

Bayan gaisuwa, na kai maganarka gaban kwamiti. Sun yarda da ƙarfe goma na safe, a farfajiya, ƙarƙashin rumfa. Likita ma ta ce safiyar ta fi mata.

Layin yara ni na sa. Da na kira Goggo ta gaya mini cewa tun aikin da aka yi maka a maƙogwaro, muryarka ba ta wuce tsawon tabarma, kuma ka hana a faɗa. Lasifikarmu tsohuwa ce, tana kuka. Na tuna yadda kake kiran sunana daga bakin layi, duk unguwa ta san na yi laifi. Ba na so in ga kana magana yara suna surutu, mutane suna cewa "me ya ce?" Ka yi haƙuri in na yi shisshigi.

Ɗanka

*

Ɗana,

Na karanta, na sake karantawa, har Goggonka ta tambaya ko lafiya. Allah ya yi maka albarka. Amma gyara layin. Rubuta: "Makon farko a zo da yara daga shekara biyar. Masu goyo su zauna kusa da mafita." Ka tanadi bargo, bokitin yashi, tukunya mai murfi da igiya doguwa. Sauran ka bar mini.

Kawunka

*

Kawu,

Ina fatan ka huta gajiya. Ka tafi ana ta musabaha, ban samu na yi maka godiya ba.

Da na ga farfajiya ta cika, na ɗauka ba wanda zai ji muryarka. Sai ka ajiye lasifika, ka sa aka ja igiya daidai ƙugu, ka raɗa wa yarinyar farko cewa sama da igiya hayaƙi ne. Ta raɗa wa na kusa da ita, magana ta zaga. Kai da furfurarka ka durƙusa ka yi rarrafe, yara suka bi ka a jere, ba mai tari. Da ka kunna mai a tukunya ka kife murfi wutar ta mutu, wata tsohuwa a bayana ta ce, "Ashe ba ruwa ake zubawa ba." Shugaban kwamiti, wanda ya fi kowa tsoron hayaniya, shi ma ya naɗe riga ya bi layi.

Mutane sun nemi a maimaita. Sai dai Goggo ta ce tun ranar ko ruwa da ƙyar kake haɗiya, don haka ban amsa musu ba.

Ɗanka mai alfahari da kai

*

Ɗana,

Maimaitawa sai abin da likitana ya ce. Amma Asabar ina zuwa sauraren laccar magani. A ajiye mini kujera cikin yaran. Su kaɗai ne ba sa tambayata ya jiki.

Ka gaida mai ɗakinka.

Kawunka