Murfin Allura

Litinin, 6 ga Nuwamba, 2006

Shugabar makarantar koyon jinya, Madam Suzana, ta ce ni zan yi wa masu fita jawabi ranar yaye su. Minti goma, bayan rantsuwa da kunna kyandir. Wai in ja musu kunne kada su daina neman ilimi. Shekara ashirin da takwas ina aikin jinya, wannan ai da sauƙi.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Na rubuta shafi biyu da Turanci, ƙarshen da Hausa saboda iyaye. Na karanta wa mijina Dantong, ya yi hamma ya ce, "Loyis, wa'azi ne, ba ke a ciki." Namiji ke nan.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

An kawo takardar tsarin biki. Wadda ta zo ta ɗaya: Rahma Sharafaddeen. Ita ce a watan Agusta, a ɗakin yara na asibitinmu, na gama allura ina mayar da murfi, ta ce, "Matron, don Allah an ce a daina rufewa, a jefa cikin kwalin nan na zubar da allura kai tsaye." A gaban masu jinya! Na wanke ta tas, na rubuta "rashin ladabi" a littafinta na koyon aiki.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Ina neman abin ƙarawa a jawabi, na buɗe littafin bitar bara, wadda na ƙi zuwa na tura ƙananan ma'aikata. Ga shi ɓaro-ɓaro: wajen mayar da murfi ake yawan soke yatsa, ta nan cutar hanta da ƙanjamau ke shiga. Kwali in ya kai kashi uku cikin huɗu, a rufe a kai ƙonawa. Yarinyar ta yi gaskiya. Kunya ta kama ni, ni kaɗai a ɗaki.

Talata, 14 ga Nuwamba

In na faɗa, girmana ya zube. In na yi shiru, Rahma tana zaune a layin gaba tana kallon bakina.

Juma'a, 17 ga Nuwamba

An yi. Na karanta rabin shafi, na ajiye takardar. Na ba su labarin murfin, har da abin da na rubuta a littafinta. Na ce, "Rahma, tashi. Ke ce da gaskiya, ki yafe mini." Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Haba Mama, ba komai." Sauran ban tuna ba, sai dai na ce gemu ba ya hana ilimi, aka yi dariya don ba ni da shi.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Yau sau biyu hannuna ya kai ga murfi, na janye. Akwai bitar farfaɗo da jarirai a Disamba. Na sa sunana, don dai jerin bai cika ba ne.