Na ba masu cin abincinmu haƙuri, na ɗora wa shofer laifin da bai yi ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana don Allah. Ku matso ku ji abin da bakina ya jawo mini, ku ba ni shawara, don daga yau zuwa gobe da safe ne kawai ya rage mini in san abin yi.

Ni 'yar Damagaram ce, amma a Arlit nake zaune wurin yayata tun da mijina ya rasu, ni da 'ya'yana mata biyu. Ita ta ba mu ɗaki, ita ta sa su lakwal, wato makarantar boko, ba ta taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Tana da ɗan restora a bakin hanyar da kar ɗin ma'aikatan mine, wato bas ɗin masu haƙar ma'adinai, ke bi, ni ke kan tukunya. Ba na zuwa ko'ina, daga madafa sai ɗaki. Karatuna bai yi nisa ba, shi ya sa duk sanarwar da za a yi wa masu cin abincinmu a gurup ɗin Wazaf ni ke yin ta da murya, Yaya kuma ta rubuta a allon bakin ƙofa da alli. Sun saba da muryata har suna ce mini Radiyo.

Ga yadda muke aiki. Masu tafiya aiki suna barin kularsu da yamma, kowa da sunansa a jikin marfi, su faɗi abin da suke so. Da safe mu dafa mu zuba, kafin sha ɗaya 'yan kabu-kabu su kwasa. Abu biyu aka san mu da su, dambun zogale da tuwon shinkafa miyar ɗanyar kuɓewa. Zogalen daga Maradi yake zuwa ya sauka Agadas, kuɓewar kuma ta garka ce, wato ta lambunan Agadas. Na kasuwar nan Yaya ba ta yarda da shi, duk tsinke ne da ƙasa. Wani dattijo shofer ne ke kawo mana duk Litinin da Alhamis, bari in ce masa Malam Ilya, ba sunansa ba ne. Sai an kira mai haɗa kaya a Agadas kwana biyu kafin motar ta taso, in ba a kira ba, ba abin da za a ɗoro.

To Litinin ɗin nan kaya sun iso lafiya lau, da hannuna na kwance buhun. Da la'asar sai ga matar wani shef, babba a wurin aikin mine, ta zo, wai gobe suna ne a gidansu, mai dafa musu ta ba su kunya, Yaya ta rufa musu asiri. Yaya ta kasa cewa a'a. Na tuna mata kuloli na nan jere a kan kanta, ta ce zai isa. Bai isa ba. Talata da safe dambun duk ya tafi gidan suna, kuɓewar ma haka, aka bar mu da kuloli wayam.

Wajen ƙarfe tara Yaya ta miƙo mini waya ta ce in ba mutane haƙuri tun kafin su aiko, in ce kaya ne ba su iso ba. Na yi sallama, na ce a yi mana afuwa yau babu dambu babu miyar kuɓewa, akwai shinkafa da wake da makaroni, wanda ya yarda a zuba masa ya amsa kafin goma, wanda bai so za a mayar masa da kularsa a wanke, abinci zai yi lattin awa ɗaya, kuma in sha Allahu Alhamis komai zai dawo. Da nan na tsaya da ban shiga uku ba. Amma kun san mai surutu, sai na ji haƙurin ya yi tsirara ba dalili, na ƙara da cewa motar Malam Ilya ce ta lalace a hanya, kun dai san hanyar Agadas. Yaya ba ta ce in kama suna ba, ni na kama.

Mutane suka yi ta amsawa ba komai Radiyo, Allah ya kawo shi lafiya. Wani Bakatsine ma ya yi ta tsokanata wai shi da dambu aure ne, in ya kwana uku bai gan shi ba zai kai ƙara. Na yi dariya, na zaci ya wuce.

Madafarmu zana ce kawai ta raba ta da inda ake zama, ni kuma kunnena ba ya barin magana. Da azahar na ji wasu biyu suna cewa ai motar tsohon ta gaji, shi ma ya gaji. Da yamma na ji mai shagon kusa da mu tana waya tana cewa kada a sake ɗora mata tumatir a motarsa, a ba wa wani. Ashe an yi ta tura muryata har ta kai tashar Agadas. Yau Laraba da safe Malam Ilya da kansa ya kira wayar, ni na ɗauka. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na ji sauƙi. Cewa kawai ya yi, “'Yata, muryarki ce na ji ko ta wata?” Ya ce shekararsa nawa a hanyar nan kayan mutum bai taɓa kwana a hannunsa ba, yanzu mutum uku sun janye, ya bar ni da Allah amma bai riƙe ni ba. Ya kashe.

Ga inda abin ya ƙara cakuɗewa. Cikin hidimar sunan nan Yaya ta manta ba ta kira mai haɗa kaya ba jiya, ke nan gobe Alhamis motar za ta zo babu zogalenmu babu kuɓewarmu, sai Litinin. Ni kuma na yi alkawarin Alhamis da bakina, kuloli har sun fara taruwa. Dole gobe kafin tara a sake ba da haƙuri. Yaya ta ce in ce har yanzu gyaran mota ake yi. Na ce mata ba zan iya ba, motar da mutane za su gani da idonsu a tasha. Ta ce to in ce kawai ba a samu kaya ba. Na ce wannan ma kan Malam Ilya zai koma, tunda kowa ya san mai kawo mana. Ta yi kuka, ta ce in aka ji ta kwashe abincin ma'aikata ta kai gidan shef, mutanen da ke wuni cikin ƙura suna jiran kularsu, ba mai sake barin kula a nan, kuma a nan muke ci mu duka. Ba ƙarya ta yi ba, na san su, za su ce ta zaɓi manya.

Na yi tunanin in ɗauki laifin ni kaɗai, in ce ni na yi kuskure motarsa lafiyarta lau, amma za a tambaya to ina kayan suka tafi, rabin unguwa kuma sun ci dambun nan a gidan suna, ɗanɗanon hannuna ba ya ɓuya. In na ƙi yin magana, Yaya ta rubuta a allo, shiruna ma amsa ce.

Ga wayar nan a gabana. In buɗe baki gobe in wanke dattijon nan in kunyata wadda ta rufa mini asiri, ko in sake ba da haƙuri in bar shi da abin da na shafa masa? Ku da kuna wurina, me za ku faɗa a muryar nan?