Fara da Rawaya a Kwalin Takalmi

Anti, don Allah ki ba ni shawara, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ni ce mai lissafi a wani kamfanin kafinta. Maigidan ya miƙo mini kwalin takalmi cike da tsofaffin rasit, wasu har da shatin kofin shayi, wai in ɗauki hotonsu in shigar a kwamfuta. Ina cikin yi sai kwamfutar ta ƙi karɓar wata takardar neman biyan kuɗin katako, wai lambar ta riga ta shiga. Na zaci ni na maimaita. Ina duba kwalin, ashe takardu biyu ne, lamba ɗaya, rana ɗaya, kuɗi ɗaya. Ɗaya fara ce, ta asali, ɗaya rawaya, kwafin kabon. Takardar shaidar karɓar kaya kuwa guda ce tak.

Na bi bayanan banki. Maigidan ya biya farar da cek, sannan ya kwanta asibiti. Direban mai katako ya kawo rawayar, matar maigidan da ke riƙe da wurin ta tura kuɗin. Baiwar Allah, ita da ko lissafin cefane sai ta kira ni!

Anti, mai katakon nan kawuna ne, kuma shi ya tsaya mini aka ɗauke ni aiki. In na faɗa, na mayar da shi ɓarawo, mahaifiyata ba za ta yafe mini ba. In na yaga rawayar, kuɗin suna nan a bayanan banki suna kallona. Wallahi tsoro nake ji.

Mai Kwalin Takalmi

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Kin tabbatar an biya sau biyu, amma ba ki tabbatar an ci ba. Wanda kuɗi ke shigo masa ta cek da ta waya yana iya karɓa bai lura ba. Yana kuma yiwuwa kawu ya lura, ya rage daga kuɗin kayan da suka biyo baya. Duba biyan da aka yi masa daga baya, ko akwai wanda bai kai adadin takardarsa ba.

Kada ki yaga komai. Ki shigar da sayen sau ɗaya, biyan sau biyu, rarar ta tsaya a matsayin kuɗin kamfani a hannun kawu. Sannan ki kai wa maigidan kamfanin kafin kowa, ki faɗa masa dangantakarki da kawu da bakinki. Shi zai nemi kawu ya turo cikakken lissafinsa a gwada. In rarar tana nan, a mayar, ko a rubuta takardar ragi a cire daga kaya na gaba. Matar maigidan kuma a rufa mata asiri, jinya take yi a lokacin.

Na san da ciwo. Wataƙila kawu ya yi fushi, wataƙila ma ya san da kuɗin. Amma ranar da ya kawo ki, cewa ya yi ke mai amana ce. In kika ɓoye takardar nan, ke ce kika fara mayar da shi maƙaryaci.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya bar zumunci.