Faifan Mai Kwale-kwale Ya Yi Tsami

Dutsen Kura, Minna.

Zuwa ga Maigidana,

Gaisuwa da fatan rahamar Ubangiji a makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta isa hannunka ba. Ko da kana raye ma sai ka ajiye ta a kan akwatin majigi ka ce sai anjima, don kai in ba hoto mai motsi ba ne, ba ka da haƙurin dubawa. To amma wa zan gaya wa? Duk unguwar nan ba wanda zan ce wa fim ya mutu bai ɗauka na fara taɓuwa ba.

Muna nan lafiya. ’Yarmu Zainabu ta haihu a Shango, namiji, an sa masa sunanka. Gidan silimar da ka yi wa aiki tun kana saurayi an rufe shi, yanzu buhunan siminti ake tarawa a ciki. Kowa ya koma bidiyo. Majiginka yana nan a uwar ɗaki, ina share masa ƙura duk Juma'a, da gwangwanayen fina-finan da ka yi ta tsinta duk lokacin da wata makaranta ko ofis za su zubar da nasu.

Zancen Auta nake so in yi maka. Ka tuna abin da ka roƙe ni a asibiti? Ba gida ka ambata ba, ba gona ba. Cewa ka yi in bi da Habibu, autan namu, hanyar da ka bi da ni, har in kai shi ga fim ɗin mai kwale-kwale. Na yi dariya a lokacin, na ce mutum yana kwance rai a hannun Allah yana zancen majigi. Amma na amsa.

Ka san ɗanka. Ya saba da fina-finan ’yan kokawa masu launi da ake nunawa a gidan bidiyon Barkin Sale, inda kafin ka zauna an karya wa mutum uku ƙafa. Naka kuwa sunan da ya sa musu fina-finan matattu. Wai ba launi, ba gudu, mutum zai ɗau rabin yini kafin ya buɗe ƙofa. Ban zarge shi ba. Ni ma haka na ce maka shekarar da aka kawo ni gidan nan, lokacin da Minna ta zama babban birnin jiha, ka toshe taga da bargo da rana tsaka, ka kafa farin zanen gado a bango. Na ɗauka wani abin kirki za a yi, sai ga toka-toka tana rawa.

Amma kai ka san hannunka. Ba ka fara min da babba ba. Ɗan faifai guda ka sa, gajere, marar magana, na wani mai fenti da tsaninsa da bokitinsa. Duk inda ya juya sai tsanin ya kwashe wani. Na yi dariya har na ƙware, ban ma tuna babu launi ba. Ina neman ƙari ka kashe injin, ka ce sai wani mako. Haushi kamar in jefe ka da murfin gwangwani. Daga baya na gane da gangan ne, mai koyo ana tashinsa da sauran kwaɗayi a bakinsa. Sai ka ƙara da masu ɗan tsawo, har idona ya saba karanta fuska da hannu ba tare da an yi magana ba. Sannan tsohon fim ɗin Indiya mai waƙa, saboda kunnena ya riga ya san wannan. Sannan na ɓarayi, wanda ka ce kada in damu da Turancinsu, abu ɗaya kawai zan duba: daga ina haske yake zuwa, wa aka bari a duhu. Ba ka taɓa ce min ga fim mai kyau ba kafin in gani. Sai da muka kusa shekara kafin ka ɗauko mai kwale-kwale, faifai huɗu, tsoho da koginsa da gadar da aka gina masa a kai.

Na san duk wannan, Maigida. Na san shi kamar yadda na san hanyar kasuwa. Abin da ya rikita ni wari ne.

Bayan na fita takaba na buɗe gwangwanin mai kwale-kwale, wani tsami ya bugi hancina har idona ya kawo ruwa. Na aika aka kira Baba Yohanna, abokin aikinka na da, wanda yanzu yake gyaran rediyo. Ya shinshina, ya ja zaren fim ɗin tsakanin yatsunsa. Sannan ya yi min bayani da Hausarsa ta mutanen tsauni, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta. Ya ce zafi da damshi ne suke cin ledar fim, in ta fara tsami ba ta komawa. Tana ƙanƙancewa, tana lanƙwashewa, har ’yan hudojin gefenta su daina dacewa da haƙoran injin. Ya ce in raba shi da sauran don ciwon yana yaɗuwa, in sa shi wuri mai sanyi. Ina wuri mai sanyi a Minna a watan bazara? Na tura shi ƙarƙashin gado kusa da randa. Na tambaye shi saura yaushe, ya ce Allah ne ya sani, amma in ina da wanda zan nuna wa, kada in yi nawa.

To ka ga inda na tsaya. Hanyarka tana son shekara, faifan kuma ba shi da shekara. Kai da za ka yi yaya?

Na tsallake matakan duka. Wata Asabar bayan la'asar na toshe taga, na zura fim ɗin yadda ka koya min, da ɗan lanƙwasa sama da ƙasan ƙofar haske don kada ya tsinke. Na zaunar da Auta, na cika shi da yabo, na ce wannan ne fim ɗin da ubansa ya fi so a duniya, abin da kai ba ka taɓa yi ba. Injin ya karɓa, hoton yana ɗan rawa amma ya tafi. Yaron ya yi ƙoƙari saboda kai, na ga yana murza ido. Ya tambaye ni yaushe za a fara faɗa. Kafin in canza faifai na biyu ya jingina da bango. Ni kaɗai na kalli sauran, ina kuka, shi yana barci baki buɗe. Da ya farka ya ba ni haƙuri, ya ce shi dai bai ga abin gani ba.

Wata biyu ban ƙara taɓa majigin ba. Ranar da na koma, ba don shi ba ne, kewarka ce ta dame ni na sa mai fenti. Yana tsakar gida yana wanke takalmi ya ji ina dariya, ya leƙo, ya tsaya a bakin ƙofa da soso a hannu. Da tsanin ya kwashe ɗan sanda sai na ji dariya a bayana, irin taka sak, mai shiɗewar nan. Ya ce in sake. Na kashe injin na ce sai wani mako. Ka ga yadda ya harare ni?

Daga nan muka bi a hankali, in an kawo wuta. Ya gano da kansa cewa ’yan wasan zamanin da suna buɗe ido da hannu sosai ne don ba su da murya. A na Indiya ya yi ta gunaguni, amma na kama shi yana bin waƙar da kai. A na ɓarayi na ce masa ya dubi haske kawai. Can tsakiya ya kama hannuna, wai inuwar mutumin ta riga shi shiga ɗakin, shi ya sa matar ta tsorata tun kafin ta juya. Ya ce da akwai launi, da idonsa ya tafi kan labule da riguna. Wallahi ban gaya masa ba. Har ya daina tsaki in kyamara ta tsaya a kan fuska ɗaya, ya ce yanzu ya gane jira ake ya ga abin da mai fuskar yake ɓoyewa.

Ƙarshen damina shi da bakinsa ya ce in ɗauko na babansa, mai kwale-kwale.

Murfin ma da ƙyar ya buɗu. Zaren ya yi kwale-kwale shi ma, gefe da gefe sun tashi, wani wuri ya manne da ɗan'uwansa. Na zura na farko, haƙoran injin suka yi ta yaga hudojin kamar ana keta tsumma. Hoton ya tsaya cak, wani tabo ya fito a tsakiyar kogin ya yi ta faɗi, zafin ƙwan fitila ya narka wurin. Na kashe da sauri. Baba Yohanna ya zo ya yanke, ya liƙa, ya sake yankewa. A karo na uku ya ajiye almakashinsa ya ce in yi haƙuri. Auta ya zaga duk masu hayar kaset, daga kasuwa har tasha. Ba wanda ya taɓa jin labarinsa, wani ma dariya ya yi masa, ya ce wa zai biya kuɗi ya kalli toka.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk shekarun da nake tsokanarka ina cewa ka fi son tsohon nan da mu, ni ma ina sonsa, wataƙila har fiye da kai. Wurin nan na faifai na huɗu, inda ya tuƙa ya haye shi kaɗai, ya zauna a ɗaya gaɓar yana kallon ƙafafun mutane a kan gada, hasken ruwa yana wasa a fuskarsa, ba kiɗa ba magana, ban taɓa kallonsa numfashina bai tsaya ba. Me ya hana ni faɗa maka? Ban sani ba. Ina ganin kamar akwai lokaci.

Jiya na tarar da Auta a bakin taga ya warware guntun faifai na huɗu, yana ɗaga shi ga rana. Ana iya ganin tsohon, ƙarami kamar ƙwayar wake, hoto bayan hoto, duk iri ɗaya. Ya ce in ba shi labarin wurin. Na gwada. Na ce tsoho ya haye ruwa, ya zauna, ba wanda ya zo. Maganar ta ƙare kafin in haɗiye yawu. Me zan ƙara? Yaya ake faɗin hasken ruwa a fuskar mutum? Idon da ka so ya samu ya samu, Maigida, ga shi ba abin da zan sa masa a gaba. Sauran gwangwanayen ma biyu sun fara wari.

Ya daɗe yana duban guntun. Sannan ya tambaye ni, ranar nan da na nuna masa, ko ya ɗan buɗe ido a daidai wannan wurin, ko da sau ɗaya, don yana ji kamar ya taɓa ganin ruwan. Na ce masa e, ya buɗe. Kai ba zan yi maka ƙarya ba. A waccan ranar na juya na dube shi a daidai wurin, ina fatan haka. Barci yake yi.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe mana baki ɗaya. Sai na zo.

Taka har kullum,
Hajara, mai canza maka faifai.