Hoton Litinin ɗin nan ba da bakinki ya zo ba

Zuwa ga Mashkura, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, mai bakin da ya fi barkonon Kaoje yaji, wadda duk da haka ban taɓa ƙoshi da maganarta ba. Sallama irin ta wanda ya kasa zama wuri ɗaya tun hantsi.

Ina rubuto miki ne bayan la'asar, a cikin shagona na gyaran waya a nan Bagudo, wayoyin mutane zube a gabana, na kasa kwance ko ɗaya. Takarda na ɗauka saboda waya ta ci amanata yau. Duk saƙon da na tura miki yana nan da alama ɗaya tilo, ta biyun ta ƙi fitowa. Na kira, an ce ba a samunki. Na sani sarai in kin kusa iyaka layinki yakan tsallaka ya kama na Benin, ko ya ɓace gaba ɗaya. Na gaya wa zuciyata haka, ta ƙi ji. Tsoro nake ji, Mashkura, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Kin san abin da ya haɗa mu. Kowace Litinin kikan bar gida da sassafe zuwa ƙaramin asibitin ƙauyen da kike karɓar haihuwa, can bakin iyaka, a motar Malami direba, ku huɗu a kujerar baya, buhun wani a kan ƙafarki. Sai ki miƙa hannu ki ɗauki kanki hoto, idanu jajur, hijabi ya karkace, ki ɗora a sitatus da 'yar magana ɗaya a ƙasa. Na farkon da na gani cewa kika yi: "Rayuwar da munka yi mafarki." Shi ke nan. Na yi dariya har na ƙona yatsa da ƙarfen dalma. Wata Litinin, taya ta fashe bayan gada, kina zaune a bakin titi kin rafka tagumi, kika rubuta: "Yawon buɗe ido." Ranar da akuyar wani ta ɗora kai a kafaɗarki kuwa: "Aƙalla wani ya damu da ni." Wannan ni kika nufa, na kuma gane, shi ya sa na turo magabatana.

Ke kika koya mini yadda abin yake, ranar da na gwada nawa kika kusa shiɗewa don takaici. Kika ce hoto ya riga ya yi kukan, don haka maganar sai ta daure fuska. Kada ta wuce layi ɗaya. Kada a bayyana inda dariyar take. Kada a jera fuskokin nan masu hawayen dariya, don wanda ya yi wa maganarsa dariya ya kashe ta. A faɗi kishiyar abin da ido ke gani, a sa aya, a yi shiru. Kika ce kuma ba a gyara hoton gajiya, ba a sa masa haske ko fure, in an wanke shi maganar ba ta da abin dogara. Na haddace dokokinki fiye da lambar wayata.

To yau fa? Da safe na buɗe waya ina murmushi tun kafin in gani. Ga fuskarki a gajiye kamar kullum. A ƙasa an rubuta: "Alhamdulillahi na isa lafiya, kowa ya kwantar da hankalinsa," da furanni uku da zuciya ja. Wayyo Allah! Yaushe kika fara sa fure? Yaushe kika taɓa gaya wa duniya ta kwantar da hankali, alhali ba wanda ya ce ya tashi? Mutane sun bi suna cewa amin. 'Yar'uwarki Safina ta ce ina neman abin damuwa ne, ai ga shi kin ce kin isa. Ita kalmomin ta karanta. Ni muryar na saurara, kuma ba taki ba ce.

Na adana hoton tun kafin ya cika kwana ya goge kansa. Na buɗa shi da yatsu biyu, na bi shi lungu-lungu. Ba a cikin mota kike ba, a gindin bishiya kike, ba kuma bishiyar ƙofar asibitinku ba ce. Ba ki kalli wayar ba, gefe kike kallo. Sai na ga abin da ya fi komai tayar mini da hankali: hannayenki biyu duka suna kan cinyarki. Duk hotunanki na Litinin hannu ɗaya ne ke fitowa, don ɗayan na riƙe da waya. Wa ya ɗauke ki, hasken raina? Wa ya tsaya a gabanki da wayarki a hannunsa?

Na je tasha na sami Malami. Ya ce ya sauke ki lafiya a mararrabar da kike hawa mashin, amma mai mashin ɗinki na kullum bai fito ba, wani ne da bai sani ba ya ɗauke ki. Kin san irin labaran da ake kawowa daga dajin nan. Ina ta ƙirƙira wa kaina dalilai masu daɗi. Wataƙila mashin ya lalace, wata baiwar Allah ta ɗauke ki hoton. Wataƙila wata babba a wurin aiki ta ce baƙar maganarki ba ta dace da ma'aikaciya ba. Ko ma kin gaji da ni ne, kin daina yi mini wasa. Wallahi ko wannan na yarda da shi, in dai kina lafiya.

Da azahar na ɗana miki tarko. Na ɗauki kaina hoto a tashar, fuska a yamutse, na rubuta dogon bayani har layi huɗu, na ce ku duba yadda na gaji, abin dariya ko, na jera fuskokin dariya har suka cika wurin. Na karya kowace doka taki da gangan, na saita yadda ke kaɗai za ki gani. Na san in wayar na hannunki ba za ki iya haɗiye wannan ba, sai kin rubuto mini "Allah ya ba ka lafiya." Yanzun nan, ina tsakiyar wannan rubutu, saƙonnina suka yi alama biyu, sunanki ya fito a ƙarƙashin hoton, an gani. Na zuba wa wayar ido har idona ya yi ruwa. Ba a ce komai ba. Na kira, an kashe.

Yanzu zan rufe shago. Na gaya wa babanki da yayanki Sadisu, sun tafi sanar da hukuma, ni kuma Malami ya yarda zai kai ni mararrabar nan tun da sauran rana. Wannan takarda a aljihuna za ta tafi, ba zan ba kowa ba, da hannuna zan sa ta a naki. Ki karanta, ki ɗaga gira, ki ce ta yi tsawo, ta cika kuka, ta bayyana abin da ba a tambaya ba. Ki yi mini ba'a a gaban kowa, Mashkura! Ba na son fure daga gare ki, ba na son zuciya ja. Layi ɗaya nake roƙo, busasshe, mai yaji, wanda zan ji in san ke ce.

Naki yau, naki duk Litinin da Allah zai nuna mana, wanda ba zai juyo gida ba sai da ke,

Zulkiflu