Gaisuwar da Ta Cinye Mini Kati

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda kika koya mini, mai tsawo, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ina rubuto miki ne a nan inda jama'a ke karantawa, don in kawo ƙarar tarbiyyarki. Ta kusa ja mini asarar aiki, Inna.

Kin san tun da na gama karatun koyarwa nake zaman jira. To, wata makarantar firamare mai zaman kanta a wajen Ƙofar Kwaya ta kira ni intabiyu ranar Litinin da ƙarfe goma. An ce in zo da takarduna na asali, kuma zan koyar da 'yan aji uku a gaban shugabar makaranta da malamai biyu. Na goge hijabi, na yi ta bitar darasin har kajin gidanmu sun kusa iya lissafi.

Ranar Litinin ɗin da safe, ina ɗaura ɗankwali na ji tari a tsakar gida. Takwararki ce, Ummi, ɗiyata mai shekara biyu. Ta samu kananzir a gorar lemo ta kurɓa. Maƙwabta suka yo caa da manja da madara, wai a ɗura mata ta yi amai. Na hana, don a wajen rigakafi an gaya mana aman ne ke tura shi cikin huhu. Babanta ya tafi kasuwar ƙauye, sai na saɓe ta muka faɗa keke daga Ƙofar Marusa sai asibiti. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Sai da aka sa mata iskar numfashi ta lafa, na tuna da intabiyu. Goma ba ta yi ba tukuna. Na kira lambar da ke cikin saƙon gayyata, wani dattijo ya ɗauka. Nan fa muryarki ta faɗo mini: "Rabi, ba a kai wa babba buƙata da baki bushe, a gaishe shi tukun." Na tambayi kwanansa, da aiki, da iyali, da gajiya, da ruwa. Shi ma bawan Allah yana amsawa yana mayar mini. Ina buɗe baki in faɗi sunana, kati ya ƙare.

Wata mai jinya kusa da gadonmu ta ara mini wayarta. Na sake kira ba a ɗauka ba, an shiga ɗakin tantancewa. Sai na tura saƙo, na sa sunana da aikin da na nema. Na ce ina ba su haƙuri ba zan samu zuwa ba, ɗiyata na asibiti, kuma zan kawo shaida. Na roƙi a sa mini wata rana idan da hali, Laraba ko Alhamis ko duk lokacin da ya yi musu, idan kuma babu hali na gode da gayyatar. Shiru, ba amsa. Har na cire rai.

Washegari aka sallame mu, likita ya saurari ƙirjinta ya ce lafiya lau. Na tuna ke ba kya aika ban haƙuri, da ƙafarki kike kai shi. Na ɗauki katin asibiti da takardar sallama na tafi makarantar.

Shugabar ba ta sakar mini fuska ba. Ta ce dokarsu ita ce wanda bai sanar kafin lokaci ba an wuce shi, saƙona kuma ya shigo bayan an fara, daga lambar da ba tawa ba. Gaskiyarta ce, ban yi musu ba. Na juya zan fita, na tsaya gaishe da wani dattijo a teburin ƙofa, Malam Sani magatakarda. Ban kai ga tambayar iyali ba ya ɗago kai yana dariya, ya ce ai wannan ce mai gaisuwar jiya! Ashe ya wuni yana tunanin wace baiwar Allah ce ta kira ofis don ta gaishe shi kawai. Ya duba wayarsa, ga lambata, ga lokacin kiran, kafin goma.

Shugabar ma sai da ta dara. Ta duba takardun asibiti, ta tambayi jikin Ummi, ta sa mini Alhamis da safe. Ta ja mini kunne cewa rana kawai aka ba ni, ba aiki ba.

Gobe ce Alhamis ɗin, Inna. Kananzir ya koma saman katanga, na sa kati a waya, takwararki na nan tana jan gefen zanena. Na yi kewarki ƙwarai a asibitin nan, na so a ce kina gefena kina yi mini faɗa. Na janye ƙarata.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa mala'iku su tarbe ki da gaisuwa mai tsawo irin taki, wadda ba ta yankewa.

Ɗiyarki,
Rabi